Ɓatan wata da ciwon mara gefe guda: kada a kwana da shi a gida

Ina aikin lafiyar mata a ɗaya daga cikin ƙananan asibitocin unguwa a nan Zariya, kuma akwai wata matsala da nake so mata da mazajensu su san ta tun kafin ta ƙwanƙwasa musu ƙofa. Ita ce cikin da ya zauna a wajen mahaifa. A cikin kowane ciki 100, ana samun 1 zuwa 2 irin wannan, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mace a watanni ukun farko na ciki, galibi tun kafin dangi su san tana da juna biyu.

Bari in fara da yadda abin yake faruwa, don in an gane shi sauran bayanin ba zai yi wuya ba. Mahaifa tana da bututu biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowanne tsawonsa kamar santimita 10. A cikin bututun ne ƙwan mace ke haɗuwa da maniyyi. Daga nan wasu 'yan gashi ƙanana da ke shimfiɗe a cikinsa su riƙa tura ƙwan a hankali, kwana 3 zuwa 4, har ya faɗa mahaifa ya kama. In bututun ya taɓa yin rauni, ya yi tabo ko ya tsuke, sai ƙwan ya maƙale a hanya ya kama a nan. Sama da kashi 90 cikin 100 na irin wannan ciki a bututu yake zama. Mahaifa tsoka ce mai buɗewa har ta ɗauki jariri. Bututu kuwa siriri ne, a wani wurin ramin cikinsa bai wuce kaurin tsinken tsintsiya ba. Cikin yana girma, bututun yana miƙewa, har ranar da zai fashe, yawanci tsakanin mako na 6 da na 10 daga ranar da hailar ƙarshe ta fara. Jinin kuma ba waje yake fita ba. A cikin ciki yake taruwa, inda ido ba ya gani.

Akwai wata baiwar Allah da na san lamarinta tun daga farko, ba zan faɗi sunanta ko unguwarsu ba. Shekararta bakwai da aure. A shekarar farko ta yi ɓari, aka yi mata wankin ciki, bayan nan ta yi ta fama da zazzaɓi da ruwa mai wari na makonni. Daga nan shiru. Da ta je neman haihuwa aka ɗauki hoton bututunta, aka ce na hagu ya ɗan lalace amma bai toshe gaba ɗaya ba, aka ba ta ƙwayoyin da ke sa ƙwai ya fito. A wata na huɗu haila ta ƙi zuwa. Ta sayi tsinken gwaji ta gwada fitsari, layi biyu suka fito. Mijinta kaɗai ta gaya wa, suka ce a yi shiru sai ciki ya yi ƙwari, saboda bakin mutane. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya jira shekara bakwai ya san abin da yake tsoro.

A mako na 6 ta fara jin wani ciwo a mara ta hagu, yana zuwa yana tafiya. Kwana biyu bayan haka sai ga jini kaɗan kaɗan, baƙi baƙi, tsararo, ba irin na haila ba. Ta ɗauka ɓari ne zai sake zuwa, ta kwanta ta daina aiki. Da ciwon ya ƙaru, ga tashin zuciya, ga jin kamar za ta yi bayan gida amma in ta je sai ciwo, aka sayo mata maganin taifod da na kashe ciwo a kemis, ba tare da an faɗi cewa tana da ciki ba. Maganin ya kwantar da ciwon, wannan kuwa shi ya cinye mata kwana uku. Ranar da ta cika mako 7, da asuba, ta ce wa mijinta ƙarshen kafaɗarta yana ciwo in ta kwanta. Ya shafa mata man zafi. Da hantsi ta miƙe daga wanke-wanke sai ta yanke jiki ta faɗi.

Wannan ciwon kafaɗa nake so a riƙe da kyau, don kusan kowa yana raina shi. Me ya haɗa kafaɗa da ciki? Jinin da ya zuba a cikin ciki, in mace ta kwanta, yakan gangara sama ya taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Jijiyar da ke kai saƙo daga wannan tantani tushensu ɗaya da ta kafaɗa, shi ya sa ake jin ciwon a can. Mace mai ƙaramin ciki ta ce kafaɗarta na ciwo alhali ba ta ɗauki kaya ba, ba ta faɗi ba, to a ɗauka jini ya fara zuba a ciki har sai likita ya ce ba haka ba ne.

Da aka kawo ta wurinmu, zanenta ba jini sai ɗan ɗigo. Surukarta ma cewa take yi, "'Yar nan, ai ba ta zubar da jini ba, ko dai iska ce?" Na ce, "Mama, duba nan." Na ja fatar idonta ƙasa, fari fat. Tafin hannunta sanyi ƙalau, gumi na keto mata, bugun jijiyar hannunta yana gudu sama da 120 a minti, cikinta ya ɗaure, ba ta yarda a taɓa. Na tambayi mijin a gefe, "Malam, yaushe rabonta da al'ada?" Nan ya faɗa mini gaskiya. Muka sa mata ruwa a jijiya, muka rubuta takarda, ba mu tsaya jiran komai ba aka wuce da ita babban asibiti. An yi mata tiyata a ranar, an cire bututun hagu da ya fashe, an ƙara mata jini leda biyu. Ta rayu.

Su wa ya kamata su fi sa ido? Na farko, wadda ta taɓa yin irin wannan ciki, domin kusan 1 cikin 10 yakan sake dawo musu. Sai wadda ta taɓa yin ciwon sanyin da ake ɗauka ta wurin saduwa ya hau har mara, ko cuta ta shige ta bayan haihuwa, ɓari ko zubar da ciki. A nan ina roƙon maza: in an ba matarka maganin sanyi, kai ma ka je a duba ka, in ba haka ba kai za ka riƙa mayar mata da shi, bututunta kuma shi ke biyan bashin. Akwai wadda aka taɓa yi wa tiyata a bututu ko aka ɗaure shi, da wadda afendis ya taɓa fashe mata. Robar tazarar haihuwa da ake sakawa a mahaifa tana hana ciki sosai, amma in aka yi rashin sa'a ciki ya shiga tana jiki, a gaggauta duba inda ya zauna.

Masu neman haihuwa kuwa, su ne suka fi tsaya mini a rai. Sau da yawa abin da ya hana su haihuwa tun farko shi ne raunin bututu, kuma shi ne zai iya tare ƙwan in cikin ya samu. Ko dashen ƙwai da ake yi a asibiti, inda likita ke saka ɗan tayi kai tsaye a mahaifa, bai kawar da haɗarin ba, don yana iya zamewa ya shiga bututu. Akan ma samu ciki biyu lokaci guda, ɗaya a mahaifa ɗaya a bututu, musamman bayan irin wannan magani. Saboda haka ko sikanin ya nuna ciki a mahaifa, in ciwon gefe guda bai daina ba, a koma. Amma kada wadda ba ta cikin waɗannan rukunai ta saki jiki: kusan rabin matan da abin ke samu ba su da wani dalili da aka sani.

Abin da nake gaya wa duk wadda ke cikin haɗari shi ne, ranar da gwaji ya nuna ciki, ranar za ta sanar da ma'aikacin lafiya, ko da ba ta gaya wa kowa a gida ba. Mu ba ma yaɗawa. A yi sikanin a mako na 6 zuwa na 7, kuma wanda ake yi ta gaba ya fi na saman ciki gani a wannan lokaci. Na san wasu na jin nauyinsa, amma ba ya cutar da ciki, kuma kina iya neman mace ta yi miki ko ta tsaya tare da ke. Tambayar da za ki yi ita ce, "An ga cikin a cikin mahaifa?" In gwaji ya ce akwai ciki amma mahaifa wayam, likita zai auna sinadarin ciki a jini, ya sake aunawa bayan awa 48. A lafiyayyen ciki sinadarin yakan yi tsalle sosai a wannan tazara. In ya tsaya cik ko yana hawa da ƙyar, akwai abin bincike. Kada a ce ciki ne ya kwanta a koma gida a jira.

Amfanin ganowa da wuri babba ne. In bututu bai fashe ba, cikin ƙarami ne, sinadarin bai yi yawa ba, ana iya yin allurar metotireksat ta tsayar da girmansa jiki ya shanye shi, ba tare da an yanka ba. Sharaɗin shi ne mace ta riƙa dawowa gwajin jini har sinadarin ya ƙare, kuma ta jinkirta ɗaukar wani ciki aƙalla wata 3. Tambayar da ake yawan yi mini cikin kuka ita ce ko za a iya ɗauke cikin a mayar da shi mahaifa. Ba a iya yi, a ko'ina a duniya. Wannan ciki ba zai rayu ba, ran uwar ake ceto.

In kuwa mace ta riga ta faɗi, ko jiri na ɗibarta in ta miƙe, a kwantar da ita a ɗaga ƙafafunta a kan matashi. Kada a ba ta abinci, ruwa ko jiƙo ko da tana kukan ƙishi, saboda tiyata za a yi. Kada a danna cikin, kada a gasa shi da ruwan zafi. A nemi mota ko Keke Napep a nufi asibitin da ke da ɗakin tiyata da wurin ajiyar jini, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, duk wanda ya fi kusa. A tafi da mutum biyu ko uku masu lafiya da za su iya ba da jini. A bakin ƙofa a faɗi magana a fili: ta yi ɓatan wata, mararta na ciwo, ta suma. Maigidan da ke fita kasuwa ko tafiya, ya bar izini tun yau cewa in irin wannan ta taso a wuce asibiti, a kira shi a hanya.

Ita baiwar Allahn nan, da ta dawo a cire mata zare, abin da ta fara tambayata shi ne ko shi ke nan ta gama haihuwa. Na gaya mata bututu ɗaya lafiyayye ya isa a ɗauki ciki, mata da yawa sun haihu bayan irin wannan aiki, amma nata na dama sai likita ya duba ya faɗi halin da yake ciki. Na rubuta mata a bayan katinta ranar da aka yi tiyatar da gefen da aka cire, na ce ta nuna shi duk asibitin da ta je, kuma duk watan da haila ta yi mata jinkiri ko da na mako guda ne, ta zo mu gwada.