Garanti da inshorar waya: wa zai biya?

Wayata ta faɗi gilashi ya fashe, ko wata uku ba ta yi ba. Garanti zai gyara?

A'a. Garanti, wanda galibi na wata 12 ne, aibin da waya ta taho da shi daga kamfani kaɗai yake ɗauka: ta daina caji haka kawai, lasifika ta mutu, allo ya ɗauke ba faɗuwa. Tsautsayi kuwa aikin inshora ne, ita kuma sai ka saya daban. Idan matsalar ta kamfani ce, ɗauki rasit ka nufi cibiyar da suka amince da ita, kamar Carlcare ga Tecno, Infinix da itel. Kada ka fara kai ta wurin mai gyara na kasuwa, domin da ya buɗe ta garantin na iya tashi.

Amma ai an ce tawa ba ta jin ruwa?

Ko da an rubuta IP68, alamar juriyar ruwa da ƙura, garanti ba ya biyan ɓarnar ruwa. Wayoyi da yawa suna da ɗan farin tambari a ciki, a iPhone yana ramin sim, wanda ke komawa ja idan ruwa ya taɓa shi. Shi mai duba wayar zai fara leƙawa, kuma rantsuwa ba ta goge shi.

An sace min waya mai inshora. Me zan fara yi?

Kulle ta daga nesa, ka sa kamfanin layi ya rufe sim ɗin saboda asusun bankinka. Daga nan sai ofishin 'yan sanda, ka karɓi takardar rahoto mai ɗauke da lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar. Lambar tana jikin kwali. Mai wayarsa a hannu ya danna `*#06#` ya rubuta ta tun yanzu. Sanar da masu inshora a ranar, domin wa'adin da suke bayarwa gajere ne, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu.

A batun sata ake yawan rasa diyya. Wata inshorar fashewa da ruwa kawai ta ɗauka, babu sata. Wadda ta ɗauki satar ma takan bambanta ƙwace da sakaci: wanda aka tare da makami daban, wanda ya bar waya tana caji a shago ya tafi masallaci daban. Na biyun sau da yawa ba ya samun ko sisi. Faɗi abin da ya faru yadda ya faru, don idan labarinka ya saɓa da na rahoton 'yan sanda, ka ba su hujjar ƙin biya.

Za su ba ni kuɗin sabuwa cif?

Da wuya. A ce ka saye ta naira 200,000, sun ƙiyasta darajarta yanzu 150,000, yarjejeniya kuma ta ɗora maka kashi 10 cikin ɗari. Za ka karɓi 135,000, ko su ba ka wata makamanciyarta da aka sabunta. Idan sun ƙi biya ba hujja, a Najeriya hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ake kai wa ƙorafi, tare da takardar inshorar da wasiƙar ƙin biyan.