Tambayoyi da amsoshi kan tsara ajandar taron ƙungiya

Tambaya: Ni ne sakataren wata ƙungiyar Hausawa mazauna Jidda. Muna zama tsakanin Magariba da Isha'i, amma kullum sai a kira salla ba mu yanke komai ba. Yaya zan gyara ajandarmu?

Amsa: Malam sakatare, ka fara da ƙirga lokacin da kake da shi. A jadawalin lokutan salla na Ummul Ƙura da ake bi a Saudiyya, minti 90 ne tsakanin kiran Magariba da na Isha'i, sai a watan azumi da yake zama 120. Idan ka cire minti 20 na salla da dawowar jama'a, da minti 10 na alwala, minti 60 ne suka rage, kuma ko su kada ka raba duka. Ka ajiye 10 a gefe, domin gaisuwa da zuba shayi suna cin nasu rabon.

Daga nan sai ka sake rubuta kowane batu da abubuwa uku a gabansa: mintocinsa, mai gabatar da shi, da abin da ake so a tashi da shi. Inda ka saba rubuta "kuɗin wata-wata" kawai, sai ka rubuta: "Kuɗin wata-wata, ma'aji, minti 20, a yanke ko za a bar shi riyal 20 ko a kai shi 30." A ganina na ukun, wato abin da ake so a tashi da shi, ya fi sauran nauyi, domin idan aka bar batu a buɗe, kowa da abin da zai fahimta: wani zai kawo ƙorafin masu bashi, wani zai nemi a karanto lissafin bara, ma'aji kuwa ya zo ba tare da littafinsa ba saboda bai san me za a tambaye shi ba. Ragowar minti 30 sai ka ba addu'a da bayanin zaman baya 5, taimakon marasa lafiya 15, walimar Salla 10.

Tambaya: Zan iya rubuta "kwamiti" a matsayin mai gabatarwa?

Amsa: A'a, mutum ɗaya za ka rubuta, kuma ka sanar da shi kwana biyu kafin zama, domin abin da aka ɗora wa kwamiti kowa yana zaton ɗan'uwansa ne zai shirya shi.

Tambaya: Idan dattijo yana magana lokaci ya cika fa?

Amsa: Katse dattijo ba tarbiyyarmu ba ce, saboda haka a amince da mintocin tun a buɗe taro, a kuma naɗa mai duba agogo wanda zai yi wa shugaba ishara idan saura minti biyu. Shugaba ne zai ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, za mu ƙara minti biyar ko mu ɗage zuwa zama na gaba?" Idan batu ɗaya ya ɗagu sau biyu a jere, alama ce cewa ya yi faɗi, sai ka raba shi gida biyu.