Tarbar mara lafiya a wajen yankar kati

Tarbar mara lafiya ita ce ƴar hirar farko da ake yi tsakanin ma'aikacin da ke teburin yankar kati da wanda ya zo asibiti, kafin ya ga nas ko likita. Yawanci ba ta wuce minti 2 ko 3, kuma abu biyu ake nema a cikinta, hankalin mutum ya ɗan kwanta sannan a ji abin da ya kawo shi gwargwadon da za a san inda za a tura shi. A manyan asibitoci irin su Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano layi yakan yi tsawo tun da sassafe, shi ya sa ma'aikaci yake saurin faɗawa cikin suna, shekaru, unguwa ba tare da ya ɗago kai ba.

Gaisuwa da tambayar farko

Ma'aikaci shi ke fara gaisuwa, ya ɗago ya dubi mutum, ya kira shi da abin da ya dace da shekarunsa, Baba ko Mama ko Hajiya ko Malam, ya faɗi sunansa da aikinsa. Wannan faɗin sunan har kamfe aka yi a kansa a Birtaniya a 2013, wata likita Kate Granger da ke jinyar cutar daji a lokacin ita ta fara shi saboda ta lura masu duba ta ba sa gabatar da kansu.

"Ya jiki?" gaisuwa ce kawai, Bahaushe ko yana murƙususu "da sauƙi" zai ce, don haka ba a rubuta komai a kan wannan amsar. Tambayar gaske tana zuwa bayanta, kuma gara ta zama wadda ba a amsa ta da eh ko a'a, kamar "me ke damun ka tun yaushe?" Sai a yi shiru a jira. Shirun nan shi ne mai wuya in akwai mutum 40 a baya suna tsaki, amma mai fargaba in aka katse shi sau ɗaya yakan haɗiye sauran maganar. Ita kuwa "me ya kawo ka?" in aka jefo ta ba gaisuwa kamar tuhuma take fita.

In kunya ta hana magana

A ɗauka dattijo ne mai shekara wajen 65 ya zo da ɗansa, yana gumi, ya kasa zama a benci, hannunsa na kan mara, a teburin kuma budurwa ce sa'ar jikarsa. Ta ce "Baba ina kwana, sannu da jiki", ya ce da sauƙi, ɗan ya karɓe da cewa ciwon ciki ne. In ta tsaya nan za ta ba shi lamba ya bi layi awa 3. Abin da ya kamata shi ne ta rage murya ta ce "Baba matso ta nan gefe", ta roƙi ɗan ya je ya riƙe musu wuri, sannan ta ce "ba sai ka faɗa min duka ba, nuna min wurin kawai, ko in kira maka nas namiji?" A nan ne zai iya cewa tun jiya da magariba fitsari bai fita ba. Wannan ba na layi ba ne, emajansi za a raka shi, katin ya biyo baya.

Haka abin yake da matan da ke cewa "sanyi" ko "ciwon mara" alhali jini ne ke zuba ga kuma ciki, musamman in miji ko uwar miji na tsaye a kai. A gaishe da ɗan rakiya da mutunci, amma tambayar a mayar da ita ga mai jikin. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 a Najeriya ta ce bayanin mara lafiya sirri ne, saboda haka maimaita ciwon mutum da ƙarfi ta taga ya saɓa mata, ban da cin fuskar da ke ciki.

Iyakar aikin

Mai yankar kati ba ya faɗin cuta, ba ya ba da shawarar magani, kuma bai kamata ya ce "ba komai ba ne" don ya kwantar da hankali ba tunda bai sani ba. Abin da ya sani shi zai faɗa, ɗaki na nawa, mutum nawa ne a gaba, nawa ne kuɗin kati da inda ake biya, don fargabar da yawa daga cikin masu zuwa ta kuɗi ce da rashin sanin inda za su dosa.

Akwai kuma lokacin da ake ajiye hirar gaba ɗaya: yaro yana jijjiga ko ya ƙi shan nono ya yi laƙwas, numfashi sama-sama, ciwon ƙirji da gumi, baki ya karkace ko magana ta sarƙe, jini da ya ƙi tsayawa. Nan nas ake kira nan take, kuma dokar 2014 ɗin ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, har da rashin kuɗin kati.