Oda ta yi yawa, kuɗi sun yi kaɗan: lissafin kayan da ake biya bayan sun isa

Tambaya: Malam, ina saro atamfa a Kantin Kwari ina aikawa ƙauyuka, sai kaya sun isa ake biya. Littafina yana nuna ciniki, aljihuna ba ya nunawa. Ina kuskuren yake?

Amsa: Hajiya, yawanci kuskuren yana wurin rubuta oda a matsayin ciniki tun ranar da aka yi ta, alhali a irin wannan tsari oda alkawari ce kawai har zuwa lokacin da kuɗi suka shiga hannunki. Bari mu ƙaddara cewa a wata guda kin samu oda 100, guda 60 daga ƙauyukan gefen Ringim, 40 kuma daga Wudil. Ribar kowane turmi naira 3,000 ce kafin a cire kuɗin mota, direba yana karɓar 1,000 ya kai, yana kuma karɓar wata 1,000 idan ya dawo da shi.

Wanda ya dubi yawan oda kaɗai zai ce Ringim ce babbar kasuwarki. To amma a ce an karɓi turmi 36 a can, 24 sun dawo, a Wudil ma an karɓi 36, guda 4 ne kawai suka dawo. Kowane ɓangare ya ba ki ribar naira 108,000. A Ringim kin biya 60,000 na kaiwa da 24,000 na dawowa, abin da ya rage miki 24,000 ke nan. A Wudil kin biya 40,000 da 4,000, kin tsira da 64,000. Wurin da ya fi ƙarancin oda ya ninka ɗayan riba fiye da sau biyu da rabi, kuma ba mu ma sa turmin da ya dawo da datti har sai an karya masa farashi ba, balle jarin da ya yi kwanaki yana yawo a bayan mota. Idan kika bi lissafin oda kika ƙara talla a ɓangaren Ringim, kuɗin dawo da kaya kike ƙara wa kanki.

Tambaya: To ba sai in cire kayan da suka dawo daga cinikin watan ba?

Amsa: Ki cire, amma daga watan da aka yi odar, ba daga watan da kayan suka dawo ba. Turmin da aka yi odarsa ranar 28 ga wata yana iya dawowa ranar 6 ga wata mai kamawa, kuma idan a nan kika rubuta shi, watan farko zai yi kyan da bai cancanta ba, na biyu kuma ya ɗauki laifin da ba nasa ba. Wannan ya fi fitowa fili a ƙarshen azumi, lokacin da odar kayan sallah take tashi, sannan waɗanda suka makara su dawo bayan an sauko daga idi. Ki ba kowace oda layinta guda, ki rubuta matsayinta a gabanta: tana hanya, an karɓa an biya, ko ta dawo. Kada ki fitar da kason waɗanda aka karɓa sai odar watan duk ta samu matsayi na ƙarshe. Ki riƙa duba lambobin waya kuma, domin mai sayen da kaya ba su same shi ba yakan sake yin oda, sai mutum ɗaya ya zama biyu a littafi.

Tambaya: In daina aikawa garuruwan da ake yawan ƙin karɓa ke nan?

Amsa: Ban ba ki wannan shawarar ba tukuna, saboda kalmar "ya ƙi karɓa" da direba yake dawowa da ita takan haɗa abubuwa masu bambanci. Akwai wanda ya ga kalar ba ita ya zaɓa ba, akwai wanda ba shi da kuɗi a ranar domin bai kai amfanin gona kasuwa ba, akwai matar da maigidanta ba ya nan kuma ba za ta fita tasha ba, akwai kuma kayan da ba su taɓa isa ƙauyen ba saboda ruwan damina ya yanke hanya ko waya ba ta shiga. Na ƙarshen nan matsalar kaiwa ce, ba ta mai saye ba, amma a littafi duk kamanninsu ɗaya.

Hanyar ganewa ita ce ki kira mai sayen a ranar da aka ce ya ƙi, ki rubuta dalilin da bakinsa, tare da sunan direban. Idan dawowar kaya ta taru a hannun direba ɗaya, canjin direba ake bukata. Idan ta taru a kan zane iri ɗaya, hoton da kike turawa ne bai nuna ainihin kalar ba. Idan kuwa rashin kuɗi ne ya fi yawa, ki daidaita aikawa da ranar kasuwar garin, ki kuma nemi a turo kuɗin mota kafin kaya su tashi. Yawan oda zai ragu bayan haka, saboda haka ki kwatanta watanni da yawan turmin da aka biya kuɗinsa.