Wai mene ne Ducking ɗin nan da masu haɗa bidiyon talla suke ta faɗa?

Wani ƙanena mai haɗa wa ƴan kasuwa bidiyo nan wajen Ƙofar Ƙaura ya turo mani tallan shagon shadda na sakan 30, wai Yaya duba mani, mai shagon ya ce kiɗan yana cinye mashi magana. Ina saurara kuwa na ji Alhajin yana faɗin farashi amma ganga kawai kake ji.

Abin da ya rasa shi ne Ducking, haka za ka gan shi a rubuce cikin manhajojin KineMaster da Premiere, a Audacity kuma Auto Duck suka sa mashi. Ma'anarsa dai kiɗa ya duƙa wa murya. Mutum ya fara magana kiɗan ya yi ƙasa da kansa, ya yi shiru kiɗan ya ɗago, kamar dai yadda makaɗi ke sassauta hannu in maroƙi zai yi kirari. Manhajar ba ta san Hausa ba balle ta gane maganar, ƙarfin sauti kawai take aunawa, da ya wuce wani miƙdari sai ta ce to magana ce, ta danne kiɗan.

A Audacity na gyara mashi. Layin kiɗa a sama, layin murya a ƙarƙashinsa kai tsaye, ka zaɓi kiɗan sai ka kira Auto Duck. Duck amount, wato yawan yadda za a danne kiɗan, yana zuwa a -12 dB, ni na kai shi -18 don Alhajin muryarsa ba ta da kauri, kuma a lasifikar waya mutane za su ji abin, ba a hedfon ba. Kar dai a wuce gona da iri, in ka danne sosai sai a ji kamar an ɗauke wuta duk lokacin da ya buɗe baki.

Inda aka sha wuya shi ne numfashi. Alhaji yakan tsaya kamar sakan 1.3 kafin ya faɗi kuɗi, Maximum pause kuma yana kan sakan 1, wato duk shirun da ya wuce haka manhaja ta ɗauka an gama magana, sai kiɗan ya taso ya koma ya taso ya koma, kunne ya gaji. Na mai da shi 1.5 ya zauna. Akwai kuma akasin haka, in an ɗauki murya kusa da janareto ko bakin titi Keke Napep na wucewa, hayaniyar kanta ta wuce Threshold, wato miƙdarin nan da in sauti ya wuce shi manhaja take ɗauka magana ce, kiɗan ba zai taɓa ɗagowa ba. Nan sai dai ka share hayaniyar tukun ko ka ɗaga Threshold ɗin daga -30 dB.

To amma fa Ducking murya kawai yake bi, bai san inda bugun kiɗa yake ba, wannan aikinka ne. Kiɗan nasa bugu 120 ne a minti, kenan kowane bugu rabin sakan, kuma hurhuɗu suke tafiya, ɗaya biyu uku huɗu, duk zagaye sakan 2, na ɗayan shi ne mai nauyi. Duk wani canji, ko shigowar sabon sashen kiɗa ko yanke shi don ya shiga sakan 30, a kan wannan ɗayan ake yi. Ka yanke daga ɗaya ka haɗa da wani ɗaya, ba wanda zai ji ɗinkin. Ka yanke a uku ka haɗa da ɗaya, ko wanda bai san kiɗa ba zai ji kamar ya yi tuntuɓe.

Shi ƙanen nawa a nasa kiɗan yana canzawa a sakan 10 daidai, Alhaji kuma yana rufe baki a 9.9, kiɗan na buƙatar rabin sakan ya gama ɗagowa, sai canjin ya wuce yana duƙe, wurin da ya fi daɗi ya tafi a banza. Ban taɓa kiɗan ba, muryar na ja baya kaɗan ta ƙare a 9.3, kafin 10 kiɗan ya miƙe, hoton shaddojin ya faɗo kan bugun, magana ta dawo a 12. Shi ya sa nake jera murya da bugu tukun, Auto Duck a ƙarshe, don a Audacity yana shiga jikin kiɗan ne, in ka matsar da murya daga baya ramin yana nan inda ka bar shi sai ka sake daga farko.

Lambar waya kam a faɗe ta kiɗa na ƙasa har lamba ta ƙarshe. Ta Alhaji ta ƙare gab da sakan 26, sunan shago ya fito kan bugun, kiɗan ya ja sauran sakan 4 ɗin shi kaɗai.