Shekara biyu kafin ritaya: ranar fita, takardu da zaɓin da ba a komawa

Wani ɗan garinmu da ke aiki a ɗaya daga cikin ma'aikatun tarayya a nan Abuja ya same ni da yamma a Kubwa, riƙe da jakar leda cike da takardu. Ya ce, "Yaya, ni fa sai Maris ɗin 2028 zan cika sittin, da sauran lokaci." Na ce ya miƙo mini takardar ɗaukarsa aiki. Ranar 1 ga Satumba, 1992 ya kama aiki. Na ce masa, "Malam, ba ka kai 2028 a ofis."

Ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya ita ce shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Shi nasa 35 ɗin za su cika a farkon Satumban 2027, yana da shekara 59. Wata shida ke nan ya ƙara wa kansa a lissafi. Malaman makaranta nasu daban ne, dokar 2022 ta kai su 65 ko 40, ma'aikatan jihohi kuma dokar jiharsu suke bi. Duk abin da zai biyo baya a kan wannan rana ake auna shi, don haka da ita ake farawa.

Abin da ya sa kuskuren nan ke da tsada shi ne tantancewa. Duk wanda ya fara aikin tarayya kafin tsarin fansho na karo-karo ya kankama a 2004 kuɗinsa kashi biyu ne. Akwai wanda ake zubawa duk wata a asusunsa na fansho, wanda dokar 2014 ta ce aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, 10 daga mai ɗaukar aiki. Akwai kuma haƙƙin shekarun da ya yi har zuwa ƙarshen Yunin 2004, wanda yake bin gwamnati. Mutumin namu yana da kusan shekara 12 a wannan kason. Hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ce ke lissafa shi ga ma'aikatun da albashinsu ke fitowa daga baitulmali, kuma bisa al'ada tana tantance mutum ne a shekarar da ke gaban shekarar fitarsa, don a tanadi kuɗin a kasafi. Mai fita a 2027, shekarar tantancewarsa 2026 ce. Da ya tsaya a kan lissafinsa, da ayari ya wuce yana gida.

Yanzu ta intanet ake fara rajistar, sannan mutum ya kai takardunsa na asali kamfanin fanshonsa a duba, jami'in fansho na ma'aikatarsa kuma ya yi nasa ɓangaren. A jakar ledar nan mun sami takardar ɗaukar aiki, da takardar rantsuwar shekarun haihuwa, da takardar ƙarin girma ta ƙarshe, da katin shaidar aiki. Bayanin tarihin aiki da wasiƙar gabatarwa daga ma'aikata za a karɓo su. Guda ɗaya muka rasa, kuma ita ce mutane suka fi rasawa: takardar da ke nuna mataki da rukunin albashin da yake kai a Yunin 2004. Da ita ake lissafa tsohon haƙƙin. Neman kwafin takarda mai shekara ashirin da ɗoriya a ɗakin fayil, musamman idan an taɓa haɗe ma'aikatar da wata ko an yi wa mutum canjin wurin aiki, ba aikin mako ɗaya ba ne.

Sai na jera takardun a kan tabarma na ce ya karanta mini sunansa a kowacce. A takardar ɗaukar aiki Muhammadu ne. A NIN Mohammed. A asusun fansho an sa sunan garinsu a matsayin sunan mahaifi. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, amma na'ura ba ta san haka ba, kuma a nan ne biya ke maƙalewa. Maganinsa sabunta bayanai a kamfanin fansho, wanda dole ne ga waɗanda suka buɗe asusu kafin tsakiyar 2019, da daidaita suna da ranar haihuwa su zo ɗaya da na NIN da na banki. Amma a kula da inda ake gyarawa. Ranar haihuwar da ke fayil tun ranar ɗaukar aiki ba a canza ta, sauran takardun ne za su bi ta. Wanda ya je kotu ya yi sabuwar rantsuwa saura shekara ɗaya ya fita, ya ƙara wa kansa takarda ta uku da ba ta yarda da sauran biyun ba.

A wannan zaman ne kuma ya kamata a nemi cikakken bayanin asusu tun daga farkonsa, a bi shi wata-wata. In ka ga an tsallake watanni, ko an yi maka ƙarin girma amma abin da ake zubawa bai motsa ba, to akwai giɓi. Bin giɓin nan kana kan kujerarka ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan bin sa bayan ka miƙa makulli.

Saura wata shida, wato Maris ɗin 2027 a wurinsa, ya sanar da kamfanin fanshonsa. Saura wata uku, farkon Yuni, ya rubuta wa ma'aikata takardar sanarwar ritaya. Ya adana takardun albashin watanni ukun ƙarshe, da wasiƙar amincewa da ritayar idan ta fito. In ana cire masa kuɗin asusun gidaje, shi ma ana neman a mayar, ta Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya.

Shawara mai nauyi ita ce yadda za a riƙa karɓar kuɗin. Ba a ba mutum duka a dunƙule, sai in abin da ke asusun ya yi ƙanƙanta ƙwarai. Za ka ɗauki wani kaso, sauran ya zama fanshon wata-wata, kuma duk abin da ka ƙara a dunƙulen daga na watan ya fita. Hanya ta farko, kuɗin ya zauna a kamfanin fansho ana juya shi ana ba ka kaɗan-kaɗan, in ka rasu abin da ya rage na magada ne. Ta biyu, a miƙa wa kamfanin inshora ya biya ka har ƙarshen rai, amma lamunin magada na shekara 10 ne kawai. Wanda ya rasu a shekara ta shida, magadansa na da haƙƙin shekara huɗu. Wanda ya rasu a ta goma sha ɗaya, babu saura. Daga ta farko ana iya komawa ta biyu, daga ta biyu ba a dawowa. Shi ya sa nake ce wa mai ƙananan 'ya'ya da bai gama yanke shawara ba ya fara da ta farkon. Mai gudun kuɗin ruwa kuma ya tambayi kamfaninsa asusu na shida, wanda aka tsara babu ruwa a ciki.

Da zai tafi na tambaye shi wa ya rubuta a matsayin makusanci a asusun. Ya yi shiru, ya ce mahaifinsa, wanda ya rasu shekara tara da suka wuce. Na ce ya haɗa da wannan ranar Litinin idan ya je gyaran suna.