Daina zuwa gidan motsa jiki ba ya soke yarjejeniya

A Damagaram akwai gidajen motsa jiki da ake biya wata-wata, wanda ya gaji ya daina zuwa, shi ke nan. Amma akwai masu rage maka farashi idan ka yarda ka sa hannu a takardar wata shida ko shekara guda. Da zarar ka sa hannu lissafi ya sauya, domin ɗauke ƙafa ba ya raba ka da alkawarin da ka ɗauka.

Dokar da ke hukunta irin wannan ma'amala ita ce kundin dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa, wanda asalinsa na 1804 ne. Aya ta 1134 ta ce yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ƙa'ida tana zama doka a kan waɗanda suka ƙulla ta, kuma ba a warware ta sai da yardar ɓangarorin biyu ko da wani dalilin da doka ta amince da shi. Saboda haka idan rigima ta kai gaban alƙali, abin da zai fara nema shi ne takardar. Ka karɓi naka kwafin ranar da ka sa hannu, kada ka yarda a ce maka ka dawo gobe.

Abu uku za ka nema a cikinta: tsawon lokacin da ka ɗaure kanka, kwana nawa za ka ba da sanarwa kafin ka fita, da kuɗin da za ka biya idan ka fita kafin wa'adi ya cika. Mutane sun fi tsoron na ukun, amma na biyun ne ke cinye musu kuɗi ba su ankara ba.

A ce wani malamin makaranta da ke zaune a Sabon Gari ya sa hannu ranar 1 ga Janairu na wata 12, jaka 10 kowane wata. Takardar ta ce mai son fita zai ba da sanarwa a rubuce kwana 30 kafin nan, watan da aka shiga ana biyansa cikakke, kuma wanda ya fita kafin shekara ta cika zai biya rabin kuɗin watannin da suka rage. A ƙarshen Maris aka sanar da shi an mayar da shi aiki Diffa. Ya ci gaba da zuwa har ƙarshen Afrilu, ya biya wata huɗu, ranar ƙarshe ya ce wa yaron da ke horar da su, "Ƙanena, ni fa an ɗauke ni, sai wata rana." Yaron ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Malam." A wurinsa magana ta ƙare.

A wurin mai gidan kuwa sunansa yana nan cikin littafi. Sai ranar 10 ga Yuni, bayan an yi ta kiransa a waya, ya aiko da wasiƙa. Daga ranar ne kwana 30 ɗin suka fara ƙirguwa, suka cika ranar 10 ga Yuli, ga shi an riga an shiga Yuli. Don haka ana binsa kuɗin Mayu da Yuni da Yuli, jaka 30, ko da bai taka wurin ba. Wata biyar suka rage daga Agusta zuwa Disamba, jaka 50, rabinsu jaka 25. Jimla jaka 55.

Da ya kai wasiƙar ranar 31 ga Maris, lokacin da labarin canjin ya zo, da wa'adin sanarwa ya cika ƙarshen Afrilu yana cikin morar kuɗinsa. Wata takwas za su rage, jaka 80, rabinsu jaka 40, kuma iyakar abin da za a bi shi ke nan. Jinkirin takarda guda ya ja masa asarar jaka 15, kuma wannan asarar ce ta fi ba ni takaici, domin rubutun layi huɗu ne zai hana ta.

Me ya sa sallamar da ya yi da baki ba ta yi aiki ba? Yarjejeniyar ta ce a rubuce, kuma yaron da ya gaya wa ba shi ne mai karɓar irin wannan saƙo ba. Bayan haka aya ta 1315 ta ɗora wa wanda ya ce an sauke masa nauyi ya kawo hujja. To ka rubuta sunanka, ranar da ka sa hannu, da cewa kana soke yarjejeniyar daga rana kaza. Ka yi kwafi biyu, ka kai wa mai gidan ko wanda ke riƙe da littafin kuɗi, ya sa hannu da kwanan wata da hatimi a kan naka. Idan ya ƙi karɓa, ka aika ta gidan waya irin wadda sai an sa hannu ake karɓa. Saƙon WhatsApp yana iya taimakawa idan an amsa maka, amma kada ka dogara da shi kaɗai matuƙar takardar ba ta ambace shi ba.

Kuɗin fita shi ma yana da iyaka. Idan tara ce ta saɓa alkawari, aya ta 1229 ta hana mai gidan ya haɗa biyu, wato ya karɓi tarar sannan ya nemi kuɗin sauran watannin gaba ɗaya. A misalinmu, wanda ya ce wa malamin ya kawo jaka 25 da kuma jaka 50 ya wuce gona da iri. Aya ta 1231 kuma ta ba alƙali damar gyara tarar idan an riga an cika wani sashe na alkawarin. Dama ce ta alƙali, ba dole ba ce a kansa, amma wanda ya biya kuɗin wata 9 cikin 12 yana da abin faɗa ko a zaman sulhu ne.

Canjin wurin aiki ko rashin lafiya ba sa soke yarjejeniya da kansu. Doka tana yafe wa wanda wani abu ya fi ƙarfinsa, abin da ba a zata ba kuma ba makawa, sai dai ƙofar nan ƙunci gare ta, kuma ma'aikacin gwamnati ya san ana iya ɗauke shi kowane lokaci. Mafita ita ce tun kafin sa hannu ka nemi a ƙara layi guda: mai takardar canjin aiki ko takardar asibiti zai fita ba tara, ko a dakatar masa da ƙirga har ya warke. Idan kuɗin shekara za ka zube gaba ɗaya, a rubuta nawa za a mayar maka.

Idan kuma laifin na gidan ne, an rufe wurin makonni ko injunan da aka yi maka alkawari sun lalace an bar su, aya ta 1184 ta ba ka damar neman a rushe yarjejeniyar, amma a kotu ake neman hakan. Ka fara rubuta musu ka ba su kwanaki su gyara, ka ɗauki hoto, ka adana rasit ɗinka.

Wanda ya zauna har ƙarshen shekara shi ma ya duba ko takardar ta ce tana sabunta kanta. Idan haka ne, mai yarjejeniyar da za ta ƙare 31 ga Disamba da sanarwar kwana 30 sai wasiƙarsa ta isa kafin Nuwamba ya ƙare, in ba haka ba ya wayi gari ranar 1 ga Janairu cikin sabon wa'adi.